Muhawara a kan kaurin murya: me waya take ragewa, me kunne yake mayarwa?

Lawali: Assalamu alaikum ƴan uwa. An mayar mana da takardun jarrabawar darasin ji da kiɗa, an ba ni 8 cikin 20, kuma raina ya ɓaci. An tambaye mu abin da ke faruwa da muryar namiji a waya, na rubuta cewa waya tana yanke ƙasan sauti, don haka muryar tana rasa kaurinta ta hau sama. Malamin ya ja layi a kai ya soke. Duk wanda ya taɓa jin mahaifinsa a waya ya san gaskiya na faɗa, kuma kunne ba ya jin abin da babu shi. An zalunce ni.

Habu: Wa alaikumus salam. Ina tare da kai, abokina. Na ɗauki kakakin fada da wayata ranar hawan salla a Birni, da na koma gida na saurara sai na ji duk kaurin ya gudu, kamar ba shi ne ya girgiza mini ƙirji da safe ba.

Rakiya: Lawali, kafin a yi maganar zalunci, me kake nufi da kauri? Idan muka ce wane yana da murya mai kauri, abu biyu muke haɗawa: cewa muryar tana ƙasa a matakin sauti, da cewa tana da cika da nauyi a kunne. Waya tana taɓa na biyu, ba ta taɓa na farko. Ina jin kalmar "ta hau sama" ce ta kayar da kai.

Lawali: Kauri kauri ne, Rakiya. Ban taɓa jin Bahaushe ya raba shi biyu ba, kuma ba za a zo a koya mini Hausa a Damagaram ba.

Sani: A wajenmu a Kano ana cewa babbar murya da siririyar murya, kuma ina ganin da haka ka rubuta da ba a samu ruɗani ba.

Habu: Malam Sani, babbar murya ai mai ƙarfi ce, wadda ake ji daga nesa, ba mai kauri ba. Kuma ba dole ba ne duk abin da ake faɗa a Kano ya zama shi ne ma'auni a nan.

Malam Isufu: Ku yi haƙuri in sa baki, domin na yi shekaru ina aikin ɗaukar sauti, kuma wannan tambaya ta taɓa ruɗa ni. Lokacin da namiji yake magana, tantanin maƙogwaronsa yana kaɗawa kamar sau 100 a sakan ɗaya. Wannan ita ce uwar kaɗawa, amma ba ita kaɗai take fitowa ba, tana tafe da ƴaƴanta: 200, 300, 400, 500, haka har sama, kowace ninki ce ta uwar. Layin waya na gargajiya yana wucewa da abin da ke tsakanin 300 da 3400 kawai. Ke nan uwar ta faɗi a hanya, ɗiyarta ta fari ma ta faɗi, abin da ya iso kunnenka shi ne 300, 400, 500 da na sama da su. Har nan Lawali yana da gaskiya. Inda ya kuskure shi ne zaton cewa kunne zai ɗauki 300 a matsayin sabon mataki. Idan ka haɗa waɗannan ƴaƴa wuri ɗaya, siffar igiyar sautin tana ci gaba da maimaita kanta sau 100 a sakan, kuma tazarar da ke tsakanin kowace da ta kusa da ita 100 ce. Ƙwaƙwalwa tana bin wannan tsari ta ji matakin 100, ko da yake babu wani abu mai kaɗawa sau 100 da ya fito daga wayar. Da muryar ta hau zuwa 300, da mahaifinka ya koma magana a saman matakin yawancin mata, kuma ka san ba haka kake jin sa ba. Abin da ya ragu shi ne cika da nauyi, wato kamannin muryar, irin abin da ke sa ka bambanta algaita da sarewa ko da suna busa mataki ɗaya.

Lawali: Da girmamawa, Malam, ka ce da bakinka cika da nauyi sun ragu. To wannan shi ne kauri, kuma shi na rubuta.

Rakiya: Ka rubuta shi, sannan ka ƙara da cewa ta hau sama. Ga hujja daga harshenmu. Kuka na hawaye da kuka ta miya ba su da bambanci sai a karin sauti, ta farko sama-sama, ta biyu sama sannan ƙasa. Muna rarrabe su a waya ba tare da wahala ba, ko da mai maganar dattijo ne mai murya ƙasa-ƙasa.

Zainabu: Rakiya, ina gefenki amma wannan hujja ba ta isa ba. Idan uwar ta sauka daga 120 zuwa 100, ƴaƴan ma duka suna sauka tare da ita, saboda haka mai bin ɗiya ɗaya kawai zai ji saukar. Misalinki ya nuna ana jin hawa da sauka, bai nuna a wane mataki ake jin su ba. Ni abin da na karanta shi ne kunnen da kansa yana ƙirƙiro sautin da ya ɓace, saboda ƴaƴan suna gogayya a cikinsa su haifar da bambancinsu. Idan haka ne, aikin kunne ne, ba na ƙwaƙwalwa ba.

Malam Isufu: Gyaranki na farko daidai ne, ƴata. Na biyun kuma tsohon ra'ayi ne mai daraja. A cikin masana kimiyyar da suka yi nazarin sauti, Seebeck ya lura da abin tun 1841, Ohm ya ƙi yarda, Helmholtz ya goyi bayan Ohm ya jingina shi ga irin gogayyar da kika ambata. Gogayyar tana nan da gaske, musamman idan sauti ya yi ƙarfi, sai dai ba ita ce bayanin ba. A cikin kunne akwai wani bututu naɗaɗɗe kamar dodon koɗi, da tantani mai tsawon kusan milimita 35 a cikinsa. Bakinsa yana amsa siraran sautuka, can ƙuryarsa tana amsa na ƙasa, kuma a kan binciken wannan ne Békésy ya samu kyautar Nobel a 1961. To a 1954 wani masani mai suna Licklider ya cika wurin ƙananan sautuka da hayaniya, yadda ko kunne ya ƙirƙiro wani abu a can ba za a ji shi ba, amma matakin bai gushe ba. Wannan ya nuna daga ƴaƴan da ke sama ake samo shi. Ga gwajin da kowa zai iya yi da manhajar fitar da sauti da abin sawa a kunne. Haɗa 400, 600 da 800 da ƙarfi ɗaya, za ka ji matakin 200. Yanzu ƙara 500 da 700 a kansu. Ba ka ƙara komai a ƙasa ba, duka biyun suna sama da 400, amma matakin zai faɗo zuwa 100, domin yanzu 100 ce tazarar da ta haɗa su duka. Ranar da na fara jin wannan da kunnena na daina musu.

Habu: Malam, ai yanzu ba wanda yake amfani da layin 300 ɗin nan, wayoyin zamani suna wucewa da fiye da haka. Kuma kakakin da na ɗauka ba kira ba ne.

Malam Isufu: Gaskiya ne wasu kiraye-kirayen yanzu sun fi faɗi, amma lasifikar wayarka ƴar ƙarama ce, ba ta iya tura iskar da ƙananan sautuka ke bukata, don haka yankan yana nan. Kuma akwai abu na biyu a labarinka. A Birni ka ji kakakin da ƙarfinsa, a gida ka ji shi a hankali. Kunne ba ya yi wa dukkan sautuka adalci ɗaya: ya fi kaifi tsakanin 2000 da 5000, sautin 100 kuwa sai ya fi na 1000 ƙarfi da sama da desibel 20, wato ma'aunin ƙarfin sauti, kafin ma a fara jin sa, abin da Fletcher da Munson suka auna tun 1933. Saboda haka idan ka rage ƙarfi, ƙasan sauti ne yake fara nitsewa. Sa abin kunne mai kyau ka ƙara ƙarfi kaɗan, wani ɓangare na nauyin zai dawo, amma ka bi busar da muryarka a duka yanayin biyu, za ka tarar a mataki ɗaya kake rerawa.

Sani: Ni dai ban yarda kakaki ya fi algaita nauyi a hawan salla ba, kuma tambari ne yake girgiza ƙirji. Wataƙila shi ka ji, Habu.

Habu: Na girma a gindin fadar nan, ba zan kasa rarrabe tambari da kakaki ba. Mu a nan ba ma jiran baƙo ya faɗa mana abin da muka ji.

Zainabu: Na yi gwajin yanzu. Da sautuka biyar na ji faɗuwar sarai. Amma da na bar biyu kaɗai, 600 da 800, ban ji 200 ba, sautuka biyu na ji daban-daban, ƙanwata kuma ta ce ita abu ɗaya take ji a ƙasa. Wane ne ya yi daidai a cikinmu?

Malam Isufu: Ku biyun. Idan ƴaƴan ba su da yawa, mutane suna rabuwa, wasu su ji su a rarrabe, wasu su haɗa su, kuma wannan sananne ne. Haka nan matakin yana raunana idan ƴaƴan da suka rage duka manya-manyan ninki ne can sama. Ko ƙwaƙwalwa tana karanta wuraren da suka motsa a tantanin ne, ko lokacin bugun jijiyar ji, wanda yake iya bin kaɗawa har wajen 4000 zuwa 5000, masana ba su gama daidaitawa ba har yau.

Lawali: To tunda Zainabu ma ba ta ji shi ba, ashe maganata ta tsaya, kunne ba ya jin abin da babu.

Rakiya: Muryar mutum ba ƴaƴa biyu take da su ba, Lawali, tana da gommai.

Habu: Dare ya yi, bari in tattara a matsayina na mai kula da zauren nan. An yarda waya tana yanke ƙasan sauti, kuma Malam Isufu da kansa ya tabbatar nauyin murya yana raguwa, wanda shi ne kauri a Hausar Damagaram. Gwajin Zainabu ya nuna ba kowa ke jin sautin da ya ɓace ba, masana ma ba su daidaita ba. Don haka a ganina Lawali ya cancanci fiye da 8, kuma ya kamata ya koma wurin malamin.

Zainabu: Habu, ka tsallake rabin abin da na faɗa. Da sautuka biyar na ji matakin ya faɗo zuwa 100. Lawali, idan za ka koma wurin malamin, ka fara yin gwajin da kunnenka, zan kawo maka abin kunnena gobe bayan la'asar.