Sifirin gaban lambar waya ya ɓace a CSV: abin da masu sani suka ce

Tambayar ita ce: me ya sa 0803 ke komawa 803 a CSV, wato fayil ɗin jadawali da waƙafi ke raba gurabensa? Yawancin waɗanda suka amsa sun ce Excel ne ke ɗaukar lambar wayar a matsayin adadin lissafi, sai ya jefar da sifirin. Maganin shi ne a mai da ginshiƙin Text tun kafin a shigar da lambobin. In sifirin ya riga ya tafi, hakan ba zai dawo da shi ba.

Shawarar da ta fi burge ni ita ce, sau da yawa fayil ɗin lafiyarsa lau, buɗe shi ne ke jawo ɓarna. A duba shi da Notepad tukuna. In sifirin yana nan, kada a danna fayil ɗin sau biyu ya buɗe a Excel, balle a sake adana shi. A bi ta Data, sannan From Text/CSV, a shiga Transform Data a zaɓa wa ginshiƙin Text.

Kwanan wata kuwa, a tsara shi 2024-03-04, domin wata kwamfutar 4 ga Maris za ta karanta 04/03/2024, wata kuma 3 ga Afrilu.

Waƙafi bai ja muhawara ba. Excel da kansa yake kewaye gurbin da ke da waƙafi a cikinsa da alamar zance:

```
Tela,"riga, wando",2024-03-04
```