Wasiƙar malamin tutoriyal: wa ta yi wa amfani?

'Yar aji ɗaya: Salamu alaikum. Malamin da ke mana tutoriyal ɗin lissafi ya raba wa waɗanda muka faɗi tes wasiƙa mai shafi biyu. Abin da ya fi nanatawa shi ne mun haddace hanyoyin, amma ba mu san wadda za mu ɗauka ba in an ajiye mana tambaya. Wai a kwadiratik, wato lissafi mai siffar ax² + bx + c = 0, kafin ka fara laluben lambobin da za ka fasa shi da su, ka fara lissafa b² − 4ac. Ni dai ya taɓa ni, don a tes ɗin na ɓata wajen minti goma a kan 2x² + 3x − 4 = 0 ina neman lambobin da babu su. Da na duba, 9 + 32 ne, wato 41, kuma babu cikakkiyar lambar da za ka ninka da kanta ta ba ka 41. Ashe tun farko ta fomula ce: x = (−3 ± √41)/4. Akwai wanda ya gwada shawarar?

Ɗan injiniyarin, aji uku: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki huta da wannan wahalar. Fomula ba ta taɓa ƙin kwadiratik ba, ki zuba mata komai kawai. Haka na yi har na wuce.

Malamin sakandare: Gaskiyarka rabi ce, ɗan'uwa. Fomula tana ci, amma sai ka gane kwadiratik ne a gabanka, kuma a jami'a ɓad da kama yake zuwa. Shekarar da na maimaita kwas ɗin nan, wannan ce ta kayar da ni: 4^x − 5(2^x) + 4 = 0. Ina ganin x a sama na ce ta log ce, na bi kowane ɓangare na manna masa log. Ba a yin haka, domin log(a + b) ba ɗaya yake da log a + log b ba. Abin da ya kamata in lura da shi, 4^x ai (2^x)² ne. Ka sa y = 2^x, sai ta koma y² − 5y + 4 = 0. Nan b² − 4ac ya ba da 9, don haka tana fasuwa salin alin: (y − 1)(y − 4) = 0. To y ɗin 1 ne ko 4, kada kuma ka tsaya nan kamar yadda yarana ke yi, x aka tambaya. 2^x = 1 ya ba da x = 0, 2^x = 4 ya ba da x = 2. Log yana da wurinsa, amma sai in ɓangare ɗaya ne tak a kowane gefe, kamar 3^x = 20.

Wani ɗan aji ɗaya: Ni matsalata kalkuleta ce. Tawa tana warware kwadiratik da kanta, sai aka hana shiga da irinta. Ko wasiƙar ta faɗi wadda aka yarda da ita?

'Yar aji ɗaya: Ba ta yi zancen kalkuleta ba sam. Amma Malam, akwai wurin da ban gamsu ba. Malamin tutoriyal ɗin ya kawo √(x + 7) = x − 5, ya ce a ninka kowane gefe da kansa. An samu x² − 11x + 18 = 0, wato x = 2 ko x = 9. Sai ya ce a jefar da 2. Don me? Ai lissafi ne ya kawo ta.

Malamin sakandare: Mayar da su cikin tambayar asali ki gani. Da 9, hagu √16 ne, wato 4, dama ma 4. Da 2, hagu √9 ne, wato 3, dama kuwa −3. Lokacin da kika ninka kowane gefe da kansa ne 3 da −3 suka zama abu guda, duk suka koma 9, baƙuwar amsa ta samu ƙofar shigowa.

Ɗan injiniyarin, aji uku: Amma √9 ai ±3 ne, Malam. Kenan 2 ma ta yi.

Malamin sakandare: A'a. x² = 9 ce ke da amsa biyu. Alamar √ ita kaɗai tana nufin wadda ba ta da alamar ragi. Shi ya sa fomular da kake ji da ita take rubuta ± a gaban √ ɗin, da yana ciki ai ba sai an rubuta ba.

Wata mai maimaita kwas: Ni nawa akasin naku ne, amsa na yar da hannuna. x² = 5x, na raba duka da x, na rubuta 5, na fito ina murna. Rabin maki aka ba ni, don x = 0 ma amsa ce, x(x − 5) = 0 ya kamata in yi. Amma har yau ina ganin malamai suna raba lissafi da x a kan allo ba wanda ya ce uffan. Yaushe ne ya halatta?

Malamin sakandare: In an tabbatar x ba sifili ba ne, misali tsawon wani abu. A tirigonometiri kuma zancen ya fi haka tsawo, bari in fito daga aji.