Mutum nawa ne suka kalli bidiyon alkakina?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Ina ɗora bidiyon girki a YouTube, da wayar maigida na fara kafin ƙanwata ta bar min tata da ta yi aure, ita ma ba ta riƙe caji. Wata hajiya mai sayar da kayan ƙamshi za ta ba ni talla, ta tambaye ni mutum nawa suka kalli na alkaki, na ce 12,000. Yanzu ɗanta ya ce in turo hoton allon, ni kuma lambobi uku nake gani: Impressions 12,000, Views 2,100, Unique viewers 1,300. Wacce ce ta gaskiya? Jibi za ta turo kuɗi.

Injiniya Bash: Wa alaikumus salam Hajiya. Dukkansu gaskiya ne, abin da kowace ke ƙirgawa ne daban. Impressions sau nawa YouTube ya nuna wa mutane hoton bangon bidiyonki, a shafin farko ko wajen bincike ko cikin jerin da yake ba da shawara. Muddin rabin hoton ya bayyana a allo fiye da daƙiƙa ɗaya an ƙirga, ko da mutumin gungurawa kawai yake yi bai taɓa ba. Views sau nawa aka kunna aka kalla. Unique viewers kuma ƙiyasin mutanen ne su kansu. Amsar tambayar hajiyar 1,300 ce, ba 12,000 ba.

Maman Ilham: Amma ai sun gani, Injiniya. Wanda ya ga hoton alkakin ai ya ga aikina.

Injiniya Bash: Kayan ƙamshinta a cikin bidiyon za ki nuna ko a bango? Kuma 12,000 ɗin ma ba mutum 12,000 ba ne, ana iya nuna wa mutum ɗaya sau biyar. Ki duba min Impressions click-through rate, wato kashi nawa cikin ɗari na nunin hoton ne aka danna aka kalla, yana nan a shafin Reach.

Maman Ilham: 5.0% aka rubuta.

Injiniya Bash: Yauwa. Kashi 5 cikin 100 na 12,000 ya kama 600. Kallo wajen 600 ke nan ya fito daga hoton bango. Sauran 1,500 ta wata hanya suka shigo, kuma na fi zaton WhatsApp kike turawa. Wanda ya danna daga WhatsApp ko daga sanarwar waya ana ƙirga kallonsa, amma ba a sa shi a Impressions. Ki duba Traffic source, za ki ga External ya yi yawa. Kashi 5 kuma ba laifi, YouTube da kansa ya ce rabin tashoshi tsakanin 2 da 10 suke.

Sani Mai Caji: Ni dai abin da na sani, mutum ɗaya kallo ɗaya ake rubuta masa ko sau goma ya maimaita. To 2,100 ne mutanenki Anti, 1,300 ɗin masu bin tashar ne.

Injiniya Bash: A'a Sani, masu bi Subscribers ne, lissafinsu daban. Da ba a ƙirga maimaici, me zai raba lambobin biyu? Raba 2,100 gida 1,300, kowa ya kalla kusan sau ɗaya da rabi. Bidiyon girki ya gaji haka, mace ta kalla yau, ranar da za ta kwaɓa alkamar ta sake buɗewa. Inda kake da gaskiya, wanda ya zauna yana ta sabunta shafi don ƙara lamba, ana tace nasa a cire.

Ummu Khairat: Hmm, tacewar nan ce ta ishe ni wallahi. Nawa na ɗinkin atamfa da dare na gan shi a sama, da safe ya ragu. Kuma 'yan gidanmu duk a waya ɗaya suke kallo, mu bakwai, a ce mutum ɗaya ne? Maman Ilham ki tura mata babbar lambar kawai, kowa haka yake yi.

Injiniya Bash: Maganar waya ɗaya haka ne, shi ya sa na ce ƙiyasi. Amma bakwai a waya ba zai mai da 1,300 ya zama 12,000 ba. Hajiya, wane tsawon lokaci kika zaɓa a sama? Unique viewers ba ya wuce lissafin kwana 90, in bidiyon ya girmi haka sai kin sa lambobin uku a kan lokaci ɗaya kafin ki gwada su.

Maman Ilham: Ban taɓa komai ba, yadda na buɗe na gani. Kafin ƙaramar sallah dai na ɗora. Ni fa ban yi mata ƙarya ba, lambar da ke farko na karanta mata, kuma ita ta nemo ni.

Baba Alhaji: 'Yata, ki tura hoton yadda yake. Mutum 1,300 masu shiga kicin sun fi mata amfani.

Ummu Khairat: Baba, rage mata kuɗi za a yi.

Maman Ilham: To in na yanke hoton na bar Impressions da Views kaɗai fa? Ɗan nata ban san iya saninsa ba.