Mai sabon hawan jini wanda bai yi boko ba: abin da na tattaro

Jama'a maganar yadda za a ba mai sabon hawan jini wanda bai yi boko ba shawara a asibiti ta yi tsawo, bari in haɗa kan abin da aka faɗa.

1. An yarda a fara da gishiri. Ƙasa da giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma har da wanda ke cikin dunƙule da kanwa. Kar a ce masa giram, a zuba a cokali ya gani da idonsa.

2. A tambayi wa ke masa girki a kira ta, don in ba ta ji ba aikin banza ne.

3. Buri biyu ko uku sun isa, a rubuta a katinsa da ranar dawowa. Misalin da aka kawo, dunƙule huɗu ake sa wa miyar gidan, nan da mako biyu a koma biyu, yajin tsire kuma a daina barbaɗawa. Shi sai a ba shi takarda mai zanen cokali da tukunya yana jan layi duk ranar da ya cika.

4. Kar a ce "Baba ka gane?" don zai ce eh ko bai gane ba, a ce ya maimaita da bakinsa, a rubuta abin da ya iya.

Zoɓo ne ya raba kai. Wasu sun ce a bar shi ya sha ba sukari, wasu na tsoron zai ajiye magani saboda shi, ni nan na fi karkata. Ayaba da zogale ma an ce a fara duba ƙodarsa kafin a ce ya yawaita.