Matsakaicin shiyya ya ƙi daidaita da kuɗin da ke asusu

Akawun Shiyya: Assalamu alaikum. Ina haɗa rahoton wata na wani kamfanin sayar da kayan masarufi, kuma a watan jiya na yi kuskuren da nake so in ji ko wani ya taɓa yin irinsa. Reshenmu na cikin birnin Kano ya yanka rasit 900, matsakaicin kowane rasit naira 2,000, shi kuwa ƙaramin reshen da ke hulɗa da 'yan sari ya yanka rasit 100 kacal, amma matsakaicinsa naira 10,000. Na haɗa matsakaitan biyu na raba biyu, na rubuta 6,000 a matsayin na shiyya. Manaja ya ninka wannan adadi da rasit 1,000, ya ce ke nan mun yi cinikin miliyan 6, alhali abin da ya shiga asusu miliyan 2.8 ne.

Malamar Lissafi: Wa alaikumus salam, Malam. Raba biyun da ka yi ya ba kowane reshe rabin murya, alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau tara a yawan rasit. Ka koma ga ainihin kuɗin: 1,800,000 na babban reshe da 1,000,000 na ƙarami, ka raba jimillarsu da rasit 1,000, za ka sami naira 2,800. Idan matsakaitan suna ginshiƙin B, yawan rasit yana ginshiƙin C, a Excel ana rubutawa haka:

```
=SUMPRODUCT(B2:B3,C2:C3)/SUM(C2:C3)
```

Gwajin da manajanka ya yi shi ne nake koya wa ɗalibaina, domin idan aka ninka matsakaici da yawan abin da aka ƙirga bai dawo da jimilla ba, to ba na wannan jimillar ba ne. Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami da sakamakon jarrabawar aji biyu, ɗaya mai yara 70, ɗaya mai 25.

Mai Sito: Tun da na gane wannan, kowane matsakaici da ya zo hannuna da yawan rasit nake auna shi, har da farashin buhu, kuma ban ga matsala ba.

Malamar Lissafi: Alhaji, a kan farashin buhu akwai gyara. Abin da aka raba da shi aka fitar da matsakaicin tun farko, shi ne ma'auninsa. A ce wani reshe ya sayar da buhu 400 a kan 30,000 cikin rasit 40, wani kuma buhu 100 a kan 35,000 cikin rasit 60. Idan ka auna da rasit za ka sami 33,000, amma kuɗin da aka karɓa miliyan 15.5 ne a kan buhu 500, wato 31,000 kowane buhu. Ba ka ga matsala ba ne wataƙila saboda rassanka suna sayar da buhu kusan daidai a kowane rasit.

Ɗan Damagaram: Nawa ya faru a Power BI, bayan na riga na daina ɗaukar matsakaicin matsakaitai. Na rubuta wannan, kuma layin kowane reshe ya fito daidai:

```
Matsakaici = DIVIDE(SUM(Ciniki[Kudi]), DISTINCTCOUNT(Ciniki[Rasit]))
```

Sai dai layin shiyya ya haura sama da yadda ya kamata. Na kwana biyu ina nema kafin in gano cewa kowane reshe yana fara lambar rasit ɗinsa daga 001, saboda haka DISTINCTCOUNT yana ɗaukar rasit mai lamba 015 na rassa uku a matsayin guda ɗaya. Sai da na haɗa lambar reshe da ta rasit a sabon ginshiƙi sannan lissafin ya zauna. Alamar da ta tona shi ita ce adadin shiyya ya wuce na reshen da ya fi kowa, abin da ba zai yiwu ba.

Shugabar Ƙaramin Reshe: Ni dai abin da na gani shi ne, tun da aka koma wannan lissafi ƙoƙarinmu ya ɓace a rahoto. Ko mun ɗaga matsakaicin reshenmu adadin shiyya ba ya motsi kamar da, kuma da shi ake duba ladan ƙarshen shekara.

Akawun Shiyya: Hajiya, tambayata a kan daidaiton adadin ce, amma kokenki yana da tushe. Na kai wa manaja shawarar a bar 2,800 a layin shiyya, a kuma auna kowane reshe da nasa adadin wajen lada. Ya ce zai tuntuɓi hedikwata, kuma har yanzu ba su ba da amsa ba.