Zan nemi izinin gina bene a Kano, me zan rubuta a wasiƙar?

Baban Amira: Salamu alaikum jama'a. Ina da fuloti ƙafa 50 a 100 a Kano, zan gina wa iyali bene, ƙasa da sama. Akitek ya gama zane, ya ce in rubuta wa hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, wasiƙar neman izini in jera zanen da na haɗa. Me ake rubutawa, kuma wane zane ake sawa?

Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Shafi ɗaya ya ishe ka. Ka rubuta wa Manajan Darakta, ka sa kwanan wata da adireshinka da lambar waya. Kan magana ya zama neman izinin gina gidan zama a fuloti lamba kaza, unguwa kaza. Sai ka ce kai ne mai filin bisa takardar mallaka mai lamba kaza, kana so ka gina gidan iyali ɗaya, hawan ƙasa da hawa ɗaya a sama. Kada ka tsaya a "hawa biyu" kawai, don wani zai ɗauka dakin biyu za ka zuba. Ka ƙara G+1 kamar yadda yake a jikin zanen.

Jerin da ke ƙasan wasiƙar shi ake bi ana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Kowane abu ka ba shi lamba, ka faɗi shafi nawa ne da kwafi nawa. Ka fara da kwafin takardar fili da taswirar safiyo. Sai zanen akitek: zaman gidan a cikin fulotin tare da tazarar da aka bari daga titi da katangar maƙwabta da inda sokawe zai zauna, filan ɗin ƙasa, na sama, na rufi, fuskoki huɗu, da zanen da ya tsaga ginin ta kan matakala. Sai zanen ƙarfin gini: fandisho, filoli, bim, dakin, matakala, jadawalin rodi da lissafin da aka yi. Na lantarki da na famfo su zo ƙarshe. Na akitek ya ɗauki hatimin ARCON, hukumar rajistar akitek, na injiniya kuma na COREN, hukumar rajistar injiniyoyi.

Kafin ka kai, shimfiɗa filan ɗin ƙasa kusa da zanen filoli. Idan akitek ya ba ka falo mai faɗin mita 6 babu fila a tsakiya, injiniya kuma ya dasa fila a nan, zanen biyu sun saɓa, kuma a irin wannan ake dawo da fayil.

Alhaji na Kabuga: Duk wannan tsawaitawa ce. Ni zanen akitek da rasit na kai, aka buga min hatimi.

Injiniya: Alhaji, naka bene ne?

Alhaji na Kabuga: A'a, filat ne mai ɗaki huɗu.

Injiniya: To ka ji. Shi mutane za su kwana a kan kankare, wasu a ƙarƙashinsa. Amma maganar rasit gaskiyarka ce, ya haɗa kwafi, ya riƙe na asali.

Maman Sadik: Baban Amira, sunan wa ke jikin takardar filin? Mu namu sunan wanda ya sayar mana ne, maigida ya sa hannu a wasiƙa da sunansa, aka ce sai an kawo takardar ciniki da shaidar an mayar da suna. Zanen ko buɗe shi ba a yi ba.

Baban Amira: Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Sunan mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, gado ne ya faɗo kaina.

Maman Sadik: Amin. To ka nemo takardar rabon gado ta kotu, ka fara da ofishin filaye tukuna.

Ɗan Magini: Oga ka zuba fandisho kawai, kafin ka kai linta takarda ta fito.

Injiniya: Idan aka zo aka shafa masa jan fenti, ko aka ce ya ja baya daga titi bayan ya zuba kankare, kai za ka biya rodin?

Malam Liman: Ni dai a duba tagogin sama, kada su leƙa tsakar gidan maƙwabci. A gyara a takarda ya fi sauƙi.

Baban Amira: Gwajin ƙasa fa? Akitek ya ce hawa ɗaya ba ya buƙata.

Injiniya: Ni ba na sa hatimina a fandishon bene ban ga rahoton ba, balle idan wurin tsohuwar kududdufi ce aka cike. Ko za su wajabta maka shi, da yawan kwafin da suke karɓa, ka je ka karɓo takardar sharuɗɗansu kafin ka buga zanen. Ranar da ka kai, su buga maka hatimin karɓa a kwafin wasiƙarka.

Alhaji na Kabuga: Gwajin nan dai ni har yanzu ina ganin ɓarnar kuɗi ce.