Zan raba adireshi a bod ɗin 65C02: 74HC138 ko GAL?

Ɗan Farin Gada: Salam 'yan uwa. Firojek nake haɗawa da 65C02 a 1 MHz, ROM 28C256 daga $8000 zuwa $FFFF, RAM 62256. Zanen da na kwafa RAM ya tsaya a $3FFF, ni kuma ina so ya kai $5FFF, sai VIA da ACIA su zauna tsakanin $6000 da $7FFF, wataƙila in ƙara wani abu gaba. In sa 138 ne ko in nemi GAL? Kuɗi dai babu sosai.

Sadiq Netwok: Adireshi kuma? ka duba sabnet ɗinka tukuna

Ɗan Farin Gada: Ba na intanet ba ne yallaɓai 😂

Baban Khalifa: GAL kawai, ayisi ɗaya, in ka canza ra'ayi ka goge ka sake rubutawa. ATF22V10 har yanzu ana yin sa. 138 zai jawo maka jinkiri.

Injiniya Hauwa: Wane jinkiri? A 1 MHz zagaye ɗaya nanosakan 1000 ne, 138 bai fi cin ashirin zuwa talatin ba. Kuma GAL sai da na'urar furogirama, yaron ya ce ba kuɗi. Ƙanina duba layukan adireshi ukun sama kawai. $6000 zuwa $7FFF shi ne A15 sifili, A14 da A13 duk ɗaya, in A15 sifili ne amma biyun ba su haɗu a ɗaya ba to RAM ne.

```
/ROM = NOT A15
N    = NAND(A14, A13)
/RAM = NAND(/ROM, N)
138: G1=5V, /G2A=A15, /G2B=N
     C B A = A12 A11 A10
```

Kowace ƙafar fita ta samu 1K kenan, Y0 $6000, Y1 $6400, har Y7 $7C00. VIA a Y0, ACIA a Y1, shida na ajiye. Rejista 16 VIA ke da su, to za su yi ta maimaituwa sau 64 a cikin 1K ɗin, abin da ka rubuta a $6010 a $6000 ya faɗa. Ba laifi ba ne, kar dai ka ɗauka wurin fanko ne ka saka wani abu.

Mai Soda na Terminus: Hajiya ina PHI2 a RAM? Wallahi wannan ne ya cinye min shekara. Bod ɗina yana tashi lafiya, ya yi ɗan aiki sai ya haukace, na canza RAM, na canza wayoyi, sufabaiza ya ce ai ni ne ban iya rubuta furogiram ba a gaban kowa. Ashe lokacin da PHI2 ke ƙasa layukan adireshi ba su gama zama ba, in R/W ya riga ya sauka sai RAM ya rubuta shara a wani adireshi daban, wata rana a sitak, ka dawo daga sabrutin ka faɗa jeji. Da aka gaya min sai zafin abin ya sa na cusa PHI2 a kowane cif har VIA, ita ma ta daina amsawa. Ranar difens fitila ɗaya ba ta kama ba, aboki na kuwa da ya sayi Arduino ya samu A. Har yau ban yafe ba.

Injiniya Hauwa: Gaskiyarka a kan RAM. A sa 74HC10, get uku ne masu ƙafar shiga uku-uku, ya ɗauke dukkan ukun, na ƙarshe ya zama `NAND(/ROM, N, PHI2)`. VIA da ACIA kuwa suna da ƙafar PHI2 tasu, so suke a riga an zaɓe su kafin agogo ya hau, shi ya sa taka ta yi shiru.

Baban Khalifa: Ni a /WE nake sa PHI2 ba a /CE ba, ya fi ba RAM lokacin karatu. Shekara nawa ina gyaran bod.

Mai Soda na Terminus: Gyaran talabijin dai Baba 😂

Baban Khalifa: Wanda ya maimaita shekara ne zai koya min?

Ummi EEE: Kai ku bari. Ɗan Farin Gada kafin ka sa ROM da RAM ka ɗaure bas ɗin data a $EA, wato NOP, ka rage gudun agogo, furosesa zai yi ta ƙirga adireshi, sai ka ga Y0 zuwa Y7 suna sauka ɗaya bayan ɗaya. In biyu suka sauka tare akwai matsala.

Ɗan Farin Gada: Nagode aunty. Nawa 138 yanzu? An ce min 700.

Sadiq Netwok: 300 na saya kwanan nan

Ummi EEE: Abuja 1,500 aka ce min, kuma LS aka miƙo wai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, fitar LS tana iya tsayawa wajen bolt 3, HC kuma 3.5 yake jira kafin ya yarda ɗaya ne.

Mai Soda na Terminus: Ke an ma faɗa miki gaskiya. Wani shago nan Jos sun sayar min da ayisi an kankare bayansa an buga sabuwar lamba, na goga da sifirit rubutun ya fita, na mayar mai shagon ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa.

Baban Khalifa: Oda daga waje ma haka, wata biyu kana jira rabi matattu.

Ɗan Farin Gada: To PHI2 ɗin a /CE ko /WE? Kuma wa ke da 74HC10 na gaske ya ara min zuwa Litinin?